Jaka uku a shekara ɗaya: ki juya cikinta kafin ki biya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Makka. Gidanmu yana kan dutse ta wajen Shara Mansur, sai an hau matakala kusan 80 kafin a kai ƙofarmu. Ɗana na fari shekararsa 8, zai shiga aji uku na ibtida'i. Bara kaɗai jaka uku muka saya masa, kowacce riyal 35. Ta farko hannunta ya tsinke tun ba a yi wata biyu ba. Ta biyu zif ɗinta ya riƙa buɗewa ta baya har littafinsa ya faɗi a hanya. Ta uku kuma gorar ruwa ce ta zube a ciki, ta jiƙa littattafansa har da juzu'in da yake zuwa halƙar Alƙur'ani da shi, ya dawo yana kuka. Kullum kafaɗunsa da jan shati. Na ce wa Abbansu bana mu sayi mai kyau ko da ta riyal 100 ce, ya ce yaro ɓarna gare shi, ko ta dubu aka saya sai ya yaga. Ana cikin haka sai yayar Abbansu ta kawo wa yaron jaka mai taya da hoton katun, yaron kuma ya ƙwallafa rai a kanta. Na san ba za ta yi ba, amma ina tsoron a ce na raina kyauta. Ni kaina ban san yadda ake gane mai ƙarko ba, kada in matsa a kashe kuɗi ta lalace in ji kunya. Ki taimaka mini da shawara.

Wata uwa, daga Makka

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da ƙoƙari, ƙanwata, Allah ya raya mana yaron nan ya sa masa albarka a karatunsa.

Bari in fara wanke shi daga zargi, domin na ga kamar wannan ne ya fi ci miki rai ko da ba ki faɗa ba. Yaron da ke yi wa jaka ɓarna ana ganin alamarsa a jikin yadin: yanka, huda da biro, gogewar ƙasa saboda ja a kan siminti. Tsinkewar hannu a gindinsa, da zif mai buɗewa ta baya, waɗannan ciwon jakar ne tun daga inda aka ɗinka ta. Na yi shekaru ina zaune a kan keken ɗinki, kuma jakunkunan 'ya'yan maƙwabta da aka kawo mini gyara ba su ƙirguwa. Kusan dukkansu a wuri uku suke mutuwa: inda hannu ya haɗu da baya ta sama, kwanar zif, da gindi. Idan kin iya duba waɗannan wurare a cikin shago, tsoron jin kunyar nan zai ragu ƙwarai, domin ba kuɗin jaka ne ke nuna ƙarkonta ba. Na taɓa saya wa jikata wata mai tsada a wani babban kanti, kyanta ya ruɗe ni ban duba cikinta ba, kafin hutun rabin shekara ɗinkin gefenta ya zare. Tun daga ranar ban ƙara biyan kuɗin jaka ba sai na juya ta.

Da kin ɗauki jaka a shagon kayan makaranta ko a kasuwa, kada ki tsaya kallon gabanta, gaban an yi shi ne don idon yaro. Ki zuge babban zif har ƙarshe, ki tura hannu ki turo gindinta waje kamar yadda ake juya rigar matashi. Abin da za ki fara nema shi ne bakin yadi a inda aka haɗa ɓangare biyu. A jaka mai kyau za ki ga an naɗe wannan baki da wani siririn ƙyalle an bi shi da ɗinki, ba ki ganin zaren yadin ko kaɗan. A ta banza kuwa bakin a tsirara yake, da kin ja shi da farce sai zare ya biyo ki. Irin wannan yadin roba ba yagewa yake yi lokaci ɗaya ba, zarewa yake yi a hankali har ya iso kan ɗinkin, ranar nan sai ki ga gefe ya buɗe alhali zaren ɗinkin yana nan lafiya ƙalau. Daga nan ki dubi taƙin allurar. Ki ɗora ɗan yatsanki a kan layin ɗinki: a faɗin santimita ɗaya ya kamata ki ƙirga kamar taki uku. Idan taki ɗaya ya kai rabin santimita ko ya fi, an yi ɗinkin gaggawa ne don a fitar da kaya da yawa. Sai ki kama ɓangarorin biyu ki ja su hannu bibbiyu ta fuskar haske. In kin ga ramukan allura suna buɗewa haske na ratsawa, ki ajiye ta, ko nawa mai shago ya rage miki.

Gindin hannun nan shi ne wurin da nake so ki fi daɗewa a kai, domin duk nauyin littattafai a kansa yake rataye, kuma yaro ba ya ɗaga jaka a hankali, fizgarta yake yi da hannu ɗaya idan ya ji an kusa rufe ƙofar makaranta. Masu araha cusa kan hannun suke yi a cikin ɗinkin sama su bi shi da layi ɗaya tak, kamar an ɗinka hannun riga. Wannan ba ya ɗaukar kilo uku kullum. Abin da ake so shi ne ki ga ɗayan biyu, in an samu duka ya fi. Ko dai an shimfiɗa wata igiya mai faɗi, irin ta bel ɗin mota, a gicciye a bayan jakar ta danne kawunan hannuwan biyu, ko kuma an yi musu ɗinkin ƙarfafawa: wani ɗan gajeren ɗinki mai kauri da aka maimaita a wuri ɗaya har ya zama kamar ƙwayar shinkafa, ko ɗinki mai kusurwa huɗu da aka gicciya layi biyu a cikinsa. Ki duba ta ciki ma, ki tabbata ɗinkin ya ratsa har bayan yadin, ba ado aka yi a sama ba. Ta ƙasa kuma, inda siririyar igiyar ta shiga gefen jaka, mai kyau tana da ɗan ƙyalle mai kusurwa uku kamar fiffike wanda igiyar ta shige cikinsa, shi ke raba nauyin kada ya taru a taki biyu na allura. Bayan kin gani da ido, ki riƙe jakar da hannu ɗaya, ki fizgi hannunta da ɗayan da ɗan ƙarfi. Idan kin ji ƙarar zare yana daddatsewa, kin samu amsa. Kada ki ji nauyin mai shago, mai kaya mai kyau ba ya tsoron a gwada.

Maganar zif tana da wani sirri da yawancin iyaye ba su sani ba, shi ya sa ake zubar da jakunkuna masu sauran rai. Idan zif yana rufewa ta gaba yana buɗewa ta baya, galibi haƙoransa lafiyarsu lau. Ɗan ƙarfen da ake ja ne bakinsa ya buɗe, ya daina matse haƙoran su shiga juna. Ana yin na araha da ƙarfe mai laushi, da an cika jaka an ja shi da ƙarfi sau da yawa sai ya saki. Saboda haka idan kina zaɓe, kan zif ɗin za ki fara taɓawa: ki ji yana da nauyi da kauri a hannu, kuma mariƙinsa ba ya lanƙwashewa idan kin matsa shi. Ki juya bayansa ko ki dubi bakinsa, sau da yawa akwai lamba a jiki, 5 ko 8 ko 10. Lambar nan faɗin haƙoran ce a milimita idan zif yana rufe. Mai lamba 5 ya isa ƙaramin aljihun gaba, amma babban ɗakin littattafai yana son 8 ko 10. Idan kin ga an rubuta YKK, sunan wani kamfanin Japan ne da ya daɗe da yin suna a wannan sana'a, alama ce mai kyau, sai dai akwai jabu, don haka rubutun ba ya hana ki gwadawa.

Gwajin kuwa mai sauƙi ne. Ki zuge ki rufe sau biyar ko shida da sauri, da hannu ɗaya, yadda yaro zai yi. Ki lura da kwana, domin a miƙe kowane zif yana gudu, a kwana ne ake gane na kirki. Jakar da samanta ya yi zagaye ta fi wadda kwanarta ta karye kamar akwati, don a irin wannan kwanar ce haƙora suka fi cinyewa. Ki rufe shi, ki sa manyan yatsunki biyu ki ɗan ja gefe da gefe, bai kamata ki ga haƙora suna rabuwa ba. Ki zaɓi mai kai biyu a babban ɗaki, in ɗaya ya gaza ɗayan zai kai shi ƙarshen zango. A cikin ire-iren zif, na leda mai kama da murɗaɗɗiyar waya shi ya fi jure lanƙwasa, kuma ko ya buɗe yana komawa. Mai manyan haƙoran roba yana da ƙarfi, amma da haƙori ɗaya ya fita shi ke nan sai canji. Kuma tunda garinmu garin ƙura ne, ki riƙa goge zif da tsohon buroshin haƙori lokaci-lokaci, ki goga masa kyandir. Kada ki sa masa mai, mai yana kama ƙura ya zama kamar yashi a cikin haƙoran.

Yanzu ga abin da ya fi ƙarkon jaka muhimmanci, wato kafaɗun yaron. Wannan shatin yana da dalili biyu, kuma soso ɗaya ne kawai daga cikinsu. Ki matsa hannun jaka tsakanin babban yatsa da manuni. Idan yatsunki sun haɗu nan take kamar babu komai a tsakani, soson katifa ne aka sa, kumburinsa na ido ne, cikin 'yan makonni zai kwanta ya bar igiya tana cin fata, ga shi yana shan gumi ya riƙe. Wanda ake so ba lallai ya yi kauri ba, amma yana da tauri-tauri, kusan kamar silifas sabo, ki matsa ya ƙi haɗuwa, ki saki ya dawo. Faɗin hannun ya kai yatsunki uku a jere, wajen santimita 5, kuma ya ɗan lanƙwasa yadda zai kauce wa wuya, ba miƙaƙƙe kamar bel ba. Ki shafa gefensa na ciki da bayan hannunki, in ya karce ki to zai karce wuyansa. Ki ja igiyar daidaitawa ki sake ta, ki ga ko maƙalin robar yana riƙewa, domin wanda ke sulɓewa shi ke sa jaka ta sauko har ɗuwawu kafin yaro ya kai rabin hanya. In an samu mai ɗan maɗauri a ƙirji, ki fifita ta. Ga mai hawa da saukar matakala kullum, wannan ɗan maɗaurin yana hana jaka lilo, yana kuma hana hannuwan zamewa.

Dalili na biyu shi ne nauyi, kuma babu soson da zai yi maganinsa. Abin da likitocin yara suka saba faɗa shi ne kada jaka da kayanta su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin yaro. Bari mu yi lissafin tare. Mu ɗauka yaronki kilo 25 ne, ki auna shi don ki san ainihin nasa. Kashi 10 kilo biyu da rabi ke nan, kashi 15 kuma kilo 3 da giram 750, wannan ce iyaka ta ƙarshe. Jakar goyo mai kyau ta yara, babu komai a ciki, ki nemi wadda ba ta wuce giram 600 zuwa 700 ba. Rabin lita na ruwa giram 500 ne. Kin ga an ci kilo ɗaya da ɗan wani abu tun ba a sa takarda ko ɗaya ba, abin da ya rage wa littattafai da abin karin kumallo wajen kilo biyu da rabi ne kawai. Wannan yana isa ne kawai idan ana bin jadawali. Don haka kowane dare, daga Asabar zuwa Laraba, ku zauna ke da shi ku fitar da littattafan da ba na gobe ba. Manyan littattafai su jingina da bayansa, ƙanana su zo gaba. Idan ya goya, saman jakar kada ya wuce kafaɗa, gindinta kuma ya tsaya a ƙugu, ba ƙasa da shi sosai ba. Shi ya sa nake roƙonki kada ki sayi babba wai don ya girma da ita, kuma ki tafi da shi kasuwar, ki sa littattafai uku ko huɗu a leda ku gwada da su. In kin ga yana sunkuyawa gaba don ya daidaita, nauyin ya yi yawa. Idan kuma bayan an gyara duk wannan yana cewa hannunsa na yin sanyi ko yatsunsa na mutuwa, ko ciwon baya ya ƙi tafiya, ki kai shi asibitin unguwa a duba shi, kada ki tsaya jiran sabuwar jaka ta warkar da shi.

Wannan lissafin shi ne kuma zai raba ki da gardama a kan jakar Gwaggonsa. Jaka mai taya, saboda ƙarfen ja da tayoyi da farantin gindi, takan kai kilo biyu ko kusa da haka tun tana wofi. A unguwar da take shimfiɗe ba laifi, taya ce ke ɗauka. A kan dutse kuwa yaron ne zai ɗauke ta, ko dai ya goya ƙarfen yana dukan bayansa, ko ya ja ta tana buga kowace matakala har tayar ta fita. Kin ga ke nan fahimtarki daidai ce, saura yadda za a faɗe ta.

Ki tuna baiwar Allah nan ba ta yi laifi ba. Ta ga ɗan ƙaninta yana fama, ta cire kuɗinta ta sayo abin da ta ga yara suna so. Yaba kyauta tukwici, don haka ki fara da godiya ta gaskiya, ki sa yaron ya kira ta da bakinsa, ko ku je takanas ya gode mata. Sa'an nan ki ba jakar aikin da za ta iya: ita ce akwatinsa idan za ku Madina ziyara ko Jidda wajen dangi, kuma ranar da zai je kwana gidan Gwaggo da ita zai je, ta gan shi yana ja da murnarsa. A gida kuma ita ce ma'ajiyar littattafan da ba na ranar ba, kin ga kullum yana buɗe ta. Bayanin dalilin da ya sa ba ya zuwa makaranta da ita, ki bar wa Abbansu, tsakanin ƙani da yaya magana ba ta da nauyin da take da shi tsakaninki da dangin miji. Kalma ɗaya ta isa: matakalar nan za ta karya tayar, mun fi so ta daɗe. Ita ma ta san hawan gidanku, ta sha hawansa. In ta riga shi tambayarki, ki faɗi haka cikin fara'a, ba tare da kin kushe jakar ba ko da da kalma ɗaya.

Shi kuma maigida, kada ki ɗauki maganarsa a matsayin rowa. Mutumin da ya biya sau uku ya ga abu ya lalace sau uku, dole zuciyarsa ta ce duk ɗaya ne, ga kuma hidimar buɗe makaranta da ba jaka kaɗai ba ce. Abin da ya rasa shi ne hujja, kuma gani ya kori ji. Idan tsofaffin jakunkunan suna nan, ki ɗauko su bayan ya ci abinci ya huta, ki juya cikinsu ki nuna masa layin ɗinki ɗaya da ya riƙe hannun, ki nuna masa bakin zif da ya buɗe. Sa'an nan ki ce, Abban yara, 35 sau uku 105 ke nan, kuɗin da nake roƙo mun riga mun kashe shi bara. Kada ki yi masa alkawarin cewa mai tsada ba za ta lalace ba, domin ba a hannunki yake ba. Ki ce masa dai ba tsada kike nema ba, so kike ku je tare ku duba, in an samu ta riyal 60 da ta ci jarrabawar nan ita za a ɗauka. Maza da yawa idan aka ba su aikin fizgar hannun jaka da gwada zif a shago, sai ki ga sun fi ki tsanantawa.

Saura ruwa. Mu a Makka ruwan sama ba kullum ba ne, yawanci a watannin sanyi yake zuwa, amma idan ya zo yakan sauko da ƙarfi lokaci ɗaya ya gangaro daga duwatsu. Mutanen Jidda ba su manta ambaliyar Nuwamban 2009 ba, haka ma ruwan Nuwamban 2022. Sai dai yanzu idan ana sa ran ruwa mai ƙarfi akan dakatar da zuwa makaranta a koma karatu daga gida ta manhajar Madrasati, don haka ranakun da ruwan sama zai doki jakar ɗanki kaɗan ne a shekara. Ruwan da ke tare da shi kullum shi ne na gorarsa da na gumin bayansa. Kuma ga abin da mutane ba sa lura da shi: jakar da ba ta shan ruwa daga waje, ba ta fitar da shi daga ciki. In gora ta zube a cikinta, littattafai a tafki za su kwana. Maganin wannan ba a yadi yake ba, a aljihun gefe yake. Ki nemi jaka mai aljihun gora ta waje, mai zurfin da zai haɗiye fiye da rabin gorar, da roba a bakinsa mai matsewa. Ki je da gorar ki saka, ki sunkuyar da jakar ki ga ko za ta faɗo. Ita ma gorar ki cika ta, ki rufe, ki kifa ta a kan tishu ki girgiza, kuma ki fi son mai murfin murɗawa a kan mai maɓallin da ke buɗewa da an taɓa shi.

Duk da haka yadin ma a duba shi. In akwai takarda a jiki da aka rubuta 600D, wannan lambar kaurin zaren yadin ce, kuma ta isa jakar ɗan ibtida'i. Ki dubi bayan yadin ta ciki, za ki ga an shafe shi da wani abu kamar leda. Ki kafa bakinki ki hura: in iska ta ratsa cikin sauƙi, ruwa ma zai ratsa. In mai shago ya yarda, ki ɗiga ruwa kaɗan a sama, ya dunƙule ya gangare, kada ya bazu ya yi duhu. Ki guji mai shafin roba mai kauri da ƙyalli da warin leda, irin wanda ake manna manyan hotuna a kai, domin zafin garin nan da kan haura 45 a bazara yana busar da shi ya tsattsage ya riƙa ɓarewa, musamman in ana barin jaka a mota ko a rana. Ki murɗe ɗan gefen yadin ki sake, in ya bar farin layi a wurin, zai tsage. Kuma ko mai shago ya rantse miki ba ta shan ruwa, ki sani ramin allura da zif suna sha, shi ya sa mai ɗan murfin yadi a kan zif ta fi, haka ma mai gindi ninki biyu, tunda yara a ƙasa suke ajiyewa. Wani ɗan gwaji da na koya bayan na sha wankin jallabiya: ki jiƙa farin tishu ki goga a bayan jakar da cikin hannuwanta, musamman baƙa ko ja ko shuɗiya. In tishun ya ɗauki launi, gumi zai sauke shi a kan farar jallabiyarsa.

Juzu'in kuwa, ko wace irin jaka kika saya, ki sama masa 'yar jakar leda mai zif irin ta ajiye takardu, ya zauna a cikinta, a saman sauran littattafai. Ki kuma gaya wa yaron a fili cewa abin da ya faru ba zunubinsa ba ne, ba da gangan ya yi ba. Kukan nan da ya yi alama ce ta yana girmama Littafin Allah, ki yaba masa a kan haka.

Kada a ƙi jin ta bakin yaron a wajen zaɓe, domin shi zai goya ta a gaban abokansa, kuma a shekara 8 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ku tace guda biyu ko uku da suka ci gwaji, sa'an nan ki ce ya zaɓi launin da yake so. In hoton katun ne ya tsaya masa a rai, a saya masa jakar fensir mai hoton, ko ɗan abin ratayawa a kan zif, wanda zai ma taimaka masa ya gane tasa a cikin aji.

In kuma Abbansu ya ce bana dai babu hali, kada ki mayar da abin rigima, akwai mafita a cikin gidanki. Jaka ta uku, bisa ga abin da na fahimta, jiƙewa kawai ta yi. Ki wanke ta da hannu, ki shanya a inuwa, ki kai wa mai ɗinkin takalma, wanda mutanen nan ke kira harraz, domin kekensa da zarensa sun fi na tela ƙarfi. Ki ce ya shimfiɗa igiya mai faɗi a kan gindin hannuwan ya maimaita ɗinki, ya ƙara mata aljihun gora a gefe in babu. Ta biyun ma a canza mata kan zif kawai, ko a ɗan matse bakinsa da filaya a hankali, gefe ɗaya bayan ɗaya, ana yi ana gwadawa don kada ya karye. Hannun da sosonsa ya kwanta ana iya naɗa masa wani a ɗinke da yadi mai laushi, aikin da ke ma za ki iya da allura a gida. Wannan zai kai ku wasu watanni, kina ɗan tara abin da ya samu, kuma bayan cunkoson buɗe makaranta ya wuce za ki samu sararin dubawa a natse, babu mai tura ki ta baya.

Ki auna yaron a daren nan, ki auna jakarsa cike kamar yadda yake fita da ita, ki rubuta lambobin biyu a takarda kafin ki yi magana da Abbansu. Ki gaishe mini da ɗan nawa, ki ce Anti ta ce Allah ya ba shi haddar Alƙur'ani.